Kuɗin Layi ko Katin Banki: Wanne Ya Fi Sauƙin Fita Ranar da Ka Tashi Soke Rijista?

Ranar shiga babu wanda yake shan wahala. Manhaja ta nuna maka hanyoyin biya, ka ga an ce za a iya cira daga layin wayarka, ka taɓa sau ɗaya, wataƙila a turo maka lambar sirri ta saƙon tes ka shigar, shi ke nan ka zama ɗan gida. Ba a tambaye ka lambobin kati ba, ba ranar ƙarewarsa, ba lambobi ukun nan na baya. Saboda wannan sauƙin ne mutane da yawa suke zaɓar layi, kuma wanda ba shi da katin banki ba shi da wata hanyar ma. Amma ni a ganina hanyar biya ba a ranar shiga ake auna ta ba. Ranar fita ake auna ta, ranar da ka ce ya isa, a daina cire mini kuɗi. A wannan ranar ne layi da kati suke rabuwa, kuma kowanne yana da inda ya fi ɗan'uwansa.

Idan da kati ka biya, mutum biyu ne a gabanka: mai kayan da ka yi rijista da shi, da bankinka. Mai kayan shi ne yake riƙe da yarjejeniyar, shi yake aika buƙatar kuɗi duk wata, banki kuma ya saki. Ka je wurin mai kaya ka soke. Idan ya ƙi ji, ka koma banki. Idan kuwa da layi ka biya, sau da yawa hannu uku ne ko huɗu a cikin abin: mai kayan, kamfanin wayarka, da wani dillali a tsakani wanda aikinsa haɗa su. Boku da Bango suna cikin manyan kamfanonin da ke irin wannan dillancin, kuma akwai ƙanana barkatai. Kai ba ka taɓa hulɗa da dillalin ba, amma wani lokaci sunansa ne zai fito a jikin bayanan cire kuɗin, ka duba ka rasa ko wane ne. Daga nan ake fara jeka-ka-dawo. Kamfanin waya ya ce shi karɓa kawai yake yi, je ka wurin mai kaya. Mai kaya ya ce bai ga sunanka a littafinsa ba, domin da imel yake neman ka alhali da lambar waya aka rubuta ka.

Don haka tambayar farko ba ita ce "ta ina ake cire kuɗin" ba. Tambayar ita ce: wa yake riƙe da rijistar? Wurinsa kaɗai ake sokewa, kuma a biyan layi amsar tana iya zama ɗaya daga cikin uku.

Na farko shi ne rumbun manhajoji na wayar. Idan ta Google Play ko App Store ka shiga, layinka aljihu ne kawai da ake ɗiba, kamar yadda kati zai zama. Kiran kamfanin waya ba zai soke komai ba. A Android za ka buɗe Play Store, ka taɓa hotonka na sama, ka shiga Payments & subscriptions, sannan Subscriptions, ka zaɓi abin, ka danna Cancel subscription. A iPhone kuwa Settings za ka buɗe, ka taɓa sunanka, ka shiga Subscriptions. A wannan rukunin babu wani bambanci tsakanin mai layi da mai kati wajen sokewa, hanya ɗaya suke bi, kuma galibi za ka ci gaba da amfani da abin har kwanakin da ka riga ka biya su cika. Idan gwajin kyauta ne a iPhone, Apple na cewa a soke aƙalla awa 24 kafin ya ƙare. Abin da ya fi yaudarar mutane a nan shi ne asusu biyu a waya ɗaya: ka buɗe jerin ka ga babu komai, ka ɗauka an soke, ashe da ɗaya imel ɗin ka yi rijistar.

Na biyu shi ne kamfanin wayar da kansa. Wannan yana faruwa idan ya haɗa maka manhajar kiɗa ko ta fim a cikin tsarin data, ko ka ƙara ta daga cikin manhajarsa. A nan abin ya juya: za ka shiga asusunka na manhajar kiɗan ka nemi maɓallin sokewa ka rasa, ba don an ɓoye ba, sai don ba su ne ke karɓar kuɗinka ba. Spotify, alal misali, yana gaya wa wanda ya shigo ta hannun kamfanin waya cewa can zai koma ya soke. Wannan rukunin yana da wani ƙulli da kati ba shi da shi: idan an saƙa abin a cikin tsarin da ka ɗauka na wasu watanni, cire shi yana iya nufin sauya tsarin gaba ɗaya, ko rasa rangwamen da aka ba ka.

Na uku shi ne mai ban haushi, kuma a kansa zan fi daɗewa. Su ne ƙananan hidimomin nan na wasanni, sakamakon ƙwallo, waƙar kira, bidiyo da makamantansu, waɗanda ake shiga ta gajeriyar lamba ko ta taɓa wani talla. Ba su da asusu, ba su da imel ɗinka. Lambar wayarka ita ce sunanka a wurinsu. Idan kana hawa intanet da datar layinka, hanyar sadarwar tana iya miƙa wa shafin lambarka ba tare da ka rubuta ta ba, shi ya sa taɓawa ɗaya ko biyu take isa a ce ka amince. Ɓarayi sun gano wannan ƙofar tuni. A watan Janairun 2020 Google ya bayyana cewa ya cire manhajoji fiye da 1,700 masu ɗauke da wata muguwar manhaja da ake kira Joker ko Bread, wadda aikinta ke nan, ta sa mutum a rijistar biya ta layi bai sani ba. Tun kafin nan, a 2014, hukumomin Amurka sun sa AT&T ya biya dala miliyan 105, T-Mobile kuma aƙalla miliyan 90, a kan kuɗaɗen wasu kamfanoni da aka riƙa cusawa a takardar biyan mutane ba da izininsu ba.

Fita daga irin wannan yawanci ta saƙo ne. Ka nemo saƙon da aka turo maka ranar farko, ko na sabuntawa, domin a cikinsa ake rubuta kalmar tsayarwa da lambar da za a aika wa. Sau da yawa kalmar ita ce STOP, wani wurin kuma sai an haɗa ta da sunan hidimar. Abu biyu suke ɓata wannan matakin. Ɗaya, aika saƙon ga lambar da ba ita ba, musamman idan saƙonnin suna zuwa da suna ne ba da lamba ba, wanda ba a iya mayar masa da amsa. Biyu, waya mai sim biyu: rijistar tana kan layi na ɗaya, saƙon ya fita ta na biyu, kuma babu wanda zai gaya maka ka yi kuskure. Alamar cewa abin ya yi ita ce saƙon tabbatarwa ya dawo yana cewa an cire ka. Idan bai dawo ba, ka ɗauka kana ciki har yanzu. Daga nan sai ka buɗe manhajar kamfanin wayarka ka nemi jerin hidimomin da ke kan layin, ko ka kira su ka ce a karanta maka jerin ɗaya bayan ɗaya a cire.

Ƙanwata ta taɓa kira na ranta a ɓace. Ta ce: "Yaya, duk sanda na sa kuɗi a layin nan sai su zaftare, alhali na goge manhajar tun tuni." Na ce ta turo mini hoton bayanan cire kuɗin na wata biyu, ba abin da ya rage a layin ba. Da na duba sai na ga ba abu ɗaya ba ne, biyu ne, kuma kamanninsu daban. Ɗaya yana fita sau ɗaya a wata, ranar 3 ga wata, adadi ɗaya cak. Wannan na manhajar koyon harshe ne da ta ɗauka ta rumbun manhajoji, ta goge manhajar daga waya ta ɗauka magana ta ƙare. Goge manhaja ba ya taɓa rijista, ko da layi ake biya ko da kati. Minti biyu ya ɗauke mu muka soke shi a cikin jerin, aka rubuta mata ranar da zai ƙare.

Ɗayan shi ne ya ba mu aiki, domin ba shi da rana tsayayya kuma adadin yana canzawa. Don lissafi ya fito, a ce na mako 100 ne, na yini kuma 20. Idan aka zo cire na mako aka tarar kuɗin bai kai ba, sai a sauko a ciri na yini, gobe a sake gwadawa. Ita kuwa dabararta ita ce ta riƙa sa kuɗi kaɗan-kaɗan don kada su samu abin ɗauka. Sakamakon haka tana biyan 20 sau bakwai, wato 140 a mako, a kan abin da kuɗinsa 100 ne. Daga baya ta bar layin babu komai har mako uku tana jiran su gaji. Ranar da ta sa kuɗi don ta sayi data, kafin ta gama danna lambobin an riga an ciri na mako. Na tambaye ta saƙon farko, ta ce ta share shi da sauran tallace-tallace. Muka sami gajeriyar lambar a jikin wani saƙon sabuntawa, ta aika STOP, shiru. Sai muka lura wayarta tana fitar da saƙo ta ɗaya layin. Ta sake aikawa ta layin da ake cirewa, cikin minti ɗaya amsa ta zo. Na ce ta ɗauki hoton amsar ta ajiye. Kuɗin makonnin baya dai ba su dawo ba, sai na cirewar ƙarshe, shi ma sai da ta kira sau biyu, kuma a layin aka mayar mata, ba a hannu ba.

Abin da labarin nan ya nuna shi ne barin layi fanko jinkiri ne kawai. Tsarin yana ci gaba da gwadawa, kuma shi ba ya barci. Ko manyan rumbuna haka suke: idan biya ya ƙi, Apple yana ci gaba da gwadawa har kwana 60, kuma idan akwai wata hanyar biya a asusunka, kati misali, ana iya juyawa kanta. Duk da haka, kada a raina wannan siffa ta layin da ake sa wa kuɗi kafin amfani. Ba za a iya ɗaukar abin da babu ba. Asararka tana da rufi, rufin kuma shi ne abin da ka sa. Kati yana manne da asusun da albashinka ko jarinka yake ciki, kuma idan rijistar shekara ta sabunta kanta ba ka shirya ba, a dunƙule za a ɗauka. A wannan fannin layi ya yi wa kati fintinkau, kuma shi ne dalilin da zai sa ko mai kati ya zaɓi layi wani lokacin.

Wannan rufin bai shafi mai layin da ake kawo wa takardar biya a ƙarshen wata ba. Shi nasa ya fi kama da bashi: ana ta rubutawa, sai wata ya ƙare ya gani, kuma kuɗin yana cakuɗe da na kira da data. Idan ya ce ba zai biya ba saboda yana jayayya da wani ɓangare, yana iya jefa layin gaba ɗaya cikin matsala. Akwai kuma wani ruɗani da yake tayar da hankali a banza. Ka soke ranar 20, takardar wata mai zuwa ta zo da kuɗin a ciki, ka ce ba su soke ba. Kafin ka yi faɗa ka duba ranar da aka yi cirewar, ba ranar da takardar ta fito ba. Idan an cira ranar 12 ne, tsohon bashi ne ya iso a makare. Idan ranar ta zo bayan ranar da ka soke, to a nan kake da magana.

Wajen dawo da kuɗi kuwa, kati ne a gaba, kuma da tazara. Visa da Mastercard suna da tsarin ƙorafi da aka rubuta ƙa'idojinsa: idan ka soke rijista aka ci gaba da cira, kana iya kai wa bankinka shaida ya nemo maka kuɗin daga bankin mai kayan, kuma wa'adin shigar da irin wannan ƙorafin yawanci kwana 120 ne. Ba kullum ake cin nasara ba, ana kuma neman hujjar cewa ka soke, amma dai akwai alƙali a tsakani wanda ba shi ne mai kayan ba. A biyan layi babu irin wannan tsarin na bai ɗaya. Kamfanin waya yana da kaso a cikin kowane kuɗin da aka cira, don haka wanda kake kai wa ƙara yana cikin masu cin ribar abin. Dokokin ƙasashe ma sun bambanta su. A Tarayyar Turai, dokar biyan kuɗi ta PSD2 da ta fara aiki a 2018 ta keɓe sayen kayan intanet ta layi daga yawancin sharuɗɗanta, muddin ciniki ɗaya bai wuce yuro 50 ba kuma jimillar wata ba ta wuce yuro 300 ba. Ma'anarsa, an ɗauki layi a matsayin hanyar ƙananan saye-saye, kariyarsa kuma ba ta kai ta banki ba. Idan kamfanin waya ya ƙi sauraron ka, mataki na gaba shi ne hukumar da ke kula da sadarwa a ƙasarka, kuma wannan hanya ce mai tsawo a kan kuɗi kaɗan. Masu cirewar sun san da haka.

Sai dai ko a nan rukunin farko ya fita daban. Abin da ka saya ta rumbun manhajoji, a wurin rumbun ake neman a mayar, ko da me ka biya. Na Apple ana nema a reportaproblem.apple.com, Google Play kuma yana duba buƙatar da aka shigar cikin awa 48 da saye, bayan haka yakan tura ka wurin mai manhajar. Kuma ina ba mai kati shawara kada ya yi gaggawar kai rumbun ƙara banki kafin ya bi ta nan, domin hakan yana iya sa a dakatar da saye a asusunsa har sai an warware.

Kowane ɓangare yana da gatarinsa na ƙarshe. Mai kati yana iya cewa banki ya toshe mai kayan ko ya sauya katin. Amma sabon kati ba tabbas ba ne, domin akwai tsarin da yake miƙa wa 'yan kasuwa sabuwar lambar kai tsaye idan bankin yana ciki, Visa Account Updater da takwaransa na Mastercard. Mai layi kuma yana iya neman kamfanin waya ya rufe duk wata cirewa ta wasu kamfanoni a layinsa. A Jamus wannan haƙƙi ne da doka ta ba kowa kyauta tun 2012, wasu wuraren kuma sai yadda kamfanin ya tsara. Wannan rufewar ta fi toshe kati tsafta, ni kuma ina ganin duk layin da ke hannun yaro ko dattijo ya kamata a yi masa ita. Illarta ita ce ba ta zaɓe, har rijistar da kake so za ta tsaya. Kuma dukkan gatarin biyu biya kawai suke yankewa, yarjejeniyar tana nan. Idan ka yi alƙawarin shekara ana karɓa wata-wata, mai kaya yana da damar bin ka bashin sauran.

Akwai haɗari ɗaya da layi kaɗai yake da shi, shi ne rasa lambar. Wanda ya jefar da sim don ya huta, ko ya ba wani, ko ya koma wani kamfani, ya bar abubuwa a rataye. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba ana karɓe shi a sayar wa wani. Idan lambar ce kaɗai makullin asusunka, ba za ka ƙara samun lambar sirrin shiga ba, balle ka soke ko ka ɗauko abin da ka ajiye a ciki. Idan kuma ka ba ɗan'uwanka sim ɗin, kuɗinsa za a riƙa ci yana mamaki. Don haka tsarin shi ne a soke tukuna, a ga tabbaci, a sauya lambar da ke jikin asusu, sannan a rabu da layin. Wanda zai tafi da lambarsa zuwa wani kamfanin ma haka, domin sabon kamfanin ba lallai ne yana da yarjejeniya da mai kayan ba, sai biya ya tsaya ba zato.

To wanne za a zaɓa? Idan abin ta Google Play ko App Store yake, kuma ƙarami ne ko gwaji kake so ka yi na wata ɗaya, layin da kake sa wa kuɗi ya wadatar, domin ƙofar fita ɗaya ce da ta mai kati, ga kuma rufin asara. Kana ma iya sokewa a ranar da ka biya, watan da ka saya ba zai salwanta ba, sabuntawar ce kawai za ta tsaya. A gwajin kyauta ne kaɗai za ka karanta abin da allon ya rubuta kafin ka tabbatar, domin wasu suna yankewa nan take. Idan abin mai tsada ne, ko na shekara, ko aikinka ya dogara da shi, ko kana cikin masu yawan sauya layi, kati ya fi, saboda rasit ɗinka yana zuwa imel da sunan mai kayan a fili, kuma kana da banki a bayanka idan rigima ta tashi. Haɗin da kamfanin waya ya bayar da kansa yana da kyau idan rangwamen na gaske ne, amma ka tambaya kafin ka karɓa ko ana iya cire shi shi kaɗai ba tare da an taɓa tsarin datarka ba. Rukuni na uku kuwa, na gajeriyar lamba, ba na shiga shi sai na ga kalmar fita da lambar da za a aika wa a rubuce tun kafin in amince.

Wanda yake kan layi yanzu kuma yake son komawa kati, idan a rumbun manhajoji ne ba ya bukatar sokewa, ya ƙara katin, ya mayar da shi hanyar biyan rijistar, sannan ya cire layin. Idan kuwa kamfanin waya ne yake riƙe da ita, dole ya soke a can, ya jira kwanakin da ya biya su ƙare asusun ya koma na kyauta, sannan ya sake shiga da kati a asusun nan dai. Idan ya yi gaggawa ya buɗe sabon asusu da wani imel ya sa kati, tsohon yana nan yana cin layi, sai ya wayi gari yana biyan abu ɗaya sau biyu a wata.